Dutse a Rijiya: Koyar da dy/dx ga Ɗaliban da Turanci ke Ba Wahala

"Ina koyar da lissafi a ajin ƙarshe na babbar sakandare, kuma mun shiga kalkulas. Idan na rubuta y = x³ na ce a nemo dy/dx, yawancin yaran suna yi. Amma da zarar tambaya ta zo da dogon Turanci, ruwa na yoyo daga tanki ko da'ira na faɗaɗa, sai aji ya yi tsit. Yaya zan fahimtar da su da Hausa ba tare da na cuce su ba, tunda da Turanci WAEC da NECO za su tambaye su?"

Malam, kafin ka ɗora wa Turanci laifin duka, yi wa ajin wannan ɗan gwaji, ba zai ci minti biyar ba. Ka ce su nemo dy/dx na y = x³ a inda x = 2. Za su ce 12. Sai ka tambaye su da Hausa tsantsa: "To 12 ɗin nan, mene ne 12?" Wanda ya ce y ce 12, ko ya ce "amsa ce", ko ya yi shiru, matsalarsa ta wuce Turanci. Ya haddace dabarar sauko da lambar sama ne kawai, bai san abin da take aunawa ba, kuma ko ka fassara masa tambayar tanki kalma bayan kalma ba zai san inda zai kama ba. Amsar da ake so ita ce: a daidai wurin da x take 2, idan x ta ɗan gusa, y za ta gusa kamar sau 12 na abin da x ta gusa. Ka sa su gwada da kalkuleta. Idan x ta tashi daga 2 zuwa 2.01, y tana tashi daga 8 zuwa 8.1206, wato ƙarin kusan 0.12, wanda shi ne 12 sau 0.01.

Saboda haka aikin kashi biyu ne, kuma akwai na gaba akwai na baya. Ma'ana ce a gaba, ita kuwa da Hausa za a dasa ta. Karatun tambaya ya biyo baya, kuma za ka ga yawancinsa ba Turanci ake karantawa ba, ma'auni da alamomi ake karantawa.

Fara da kalmar da za ka yi amfani da ita. Kada ka ce "canji". A kunnen yaro canji shi ne abin da mai shago ke mayar masa, kuma hankalinsa zai tafi can. Ka ce "sauyi", ka kira abin da muke nema "saurin sauyi". Kalmar sauri tana yi maka aiki babba, domin kowane yaro ya san sauri daban yake da yawa. Randa na iya cika maƙil amma ruwanta ba ya ƙaruwa ko kaɗan, bokiti kuma na iya zama kusan wayam amma famfo na zuba a cikinsa da ƙarfi. Na farko yawa ne ba sauri, na biyu sauri ne ba yawa. Rikita waɗannan biyun shi ne tushen kurakurai masu yawa a wannan babi. Haka kuma ka riƙa cewa "sakan" maimakon "daƙiƙa", domin akwai masu amfani da daƙiƙa a ma'anar minti.

Misalin mota ne aka saba farawa da shi, kuma yana da amfaninsa. Direba ya yi tafiyar kilomita 150 cikin awa 2, an raba an sami 75 a awa. Amma ya tsaya shan mai, ya rage gudu a shingen jami'an tsaro, ya taka sosai inda hanya ta yi kyau. 75 ɗin nan matsakaicin gudu ne na tafiyar baki ɗaya. Abin da allurar maleji ke nunawa a daidai lokacin da ka kalle ta, shi ne gudun wannan lokacin, kuma shi deribatif, wato dy/dx, ke bayarwa. Sai dai misalin mota ba ya ba da lambobin da za a yi lissafi da su, don haka kada ka daɗe a kansa. Wuce zuwa rijiya.

A ce rijiya ce mai zurfin mita 45, aka saki dutse daga bakinta. Idan aka ƙyale tasirin iska, aka kuma ɗauki ƙarfin jan ƙasa a matsayin 10 maimakon 9.8 don sauƙi, nisan da dutsen ya faɗa bayan sakan t shi ne s = 5t². Bayan sakan 1 ya yi mita 5, bayan sakan 2 ya yi mita 20, bayan sakan 3 ya yi mita 45, ya taɓa ruwa. Ka bar yaran su lura da kansu cewa a sakan na farko mita 5 ya ci, a na biyu 15, a na uku 25. Gudunsa ƙaruwa yake yi. Daga nan sai ka jefa musu tambayar da darasin ya rataya a kanta: a daidai lokacin da agogo ya nuna sakan 2, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba, da wane gudu yake tafiya?

Wani zai ce 10, domin ya raba 20 da 2. Wannan matsakaicin gudu ne tun daga bakin rijiya, ya haɗa har da lokacin da dutsen bai kankama ba. Wani zai ce 25, ya duba sakan na gaba, amma wannan ya haɗa da gudun da dutsen bai riga ya kai ba. Amsar tana tsakani, kuma hanyar kama ta ita ce a yi ta matse tazarar lokacin. Ka raba ajin, kowane layi ya ɗauki tazara guda, su yi da kalkuleta. Daga 2 zuwa 2.1, nisa ya tashi daga 20 zuwa 22.05, ƙarin 2.05, a raba da 0.1, an sami 20.5. Daga 2 zuwa 2.01, ƙarin 0.2005 ne, a raba da 0.01, an sami 20.05. Daga 2 zuwa 2.001 za a sami 20.005. Ka jera su a allo, 25, 20.5, 20.05, 20.005, ka tambaya ina aka dosa. Ba wanda zai kasa cewa 20. Sun gano ma'anar limit ke nan ba tare da an ambaci sunanta ba, kuma kalmar "dosa" ta wadatar: lambar da amsoshin suka dosa yayin da tazarar ta doshi sifili.

A nan akwai tambayar da yaro mai kaifin basira zai yi, kuma idan ba wanda ya yi ta, kai ka yi ta: me ya hana a sa tazarar ta zama sifili kai tsaye a huta? A gwada. Ƙarin nisa sifili, ƙarin lokaci sifili, sifili a raba da sifili, kalkuleta ta ƙi. Shi ya sa ake bi ta bayan gida. Ka maimaita lissafin da harafi, ka kira 'yar tazarar h:

[5(t + h)² − 5t²] / h = (10th + 5h²) / h = 10t + 5h

Yanzu da aka raba da h, ana iya barin ta ta doshi sifili lafiya, 5h ta ɓace, saura 10t. A t = 2 an sami 20, daidai da abin da kalkuleta ta nuna. Har ma 0.5 da 0.05 da 0.005 ɗin da suka riƙa maƙalewa a bayan 20, ga asalinsu nan, 5h ce. Idan ka nuna musu wannan, haruffan sun daina zama tsafi. Wurin da ake yawan tuntuɓe a layin nan shi ne buɗe (t + h)². Da yawa za su rubuta t² + h², su yar da 2th, alhali a cikin 2th ɗin nan amsar take gaba ɗaya. Maganinsa zane ne. Fili mai kusurwa huɗu, kowane gefe mita 10, aka ƙara mita 0.1 a tsawo da faɗi. Filin ya tashi daga 100 zuwa 102.01. Ƙarin ya zo ne daga zirin ƙasa biyu, kowanne 10 sau 0.1, sun ba da 2, da ɗan ƙaramin lungu a kusurwa, 0.1 sau 0.1, wanda ya ba da 0.01. Ziri biyun su ne 2th ɗin nan, ɗan lungun kuma shi ne h² da ke ɓacewa.

Sai bayan wannan ne alamar ds/dt za ta hau allo. Yadda ka karanta ta da baki a makon farko yana da tasiri ƙwarai. Idan kullum "di es bisa di ti" suke ji, za su ɗauke ta kamar uku bisa huɗu, har ka tarar da wanda ya soke d na sama da d na ƙasa ya bar s/t. Ka karanta ta da cikakkiyar jimla: "saurin sauyin s idan t ta gusa." Na sama shi ne abin da muke kallo yana sauyawa, na ƙasa shi ne abin da muke gusarwa. Harafin d ba lamba ba ce da ake ninkawa da ita, yana nufin "ɗan ƙanƙanin sauyi a cikin". Wannan rubutu na Leibniz ne, wanda ya fara buga aikinsa na kalkulas a 1684, kuma ga ɗalibin da Turanci ke ba wahala ya fi f′(x) na Lagrange amfani nesa ba kusa ba, domin yana ɗauke da sunan abu biyun a fili. Ka koya musu cewa f′(x) da dy/dx abu guda ne, tunda duka biyun suna fitowa a takardar jarrabawa, amma a tambayoyin labari ka tsaya kan na Leibniz.

Dokar sauko da lambar sama kuwa sun riga sun iya ta, ba sai an ɓata lokaci ba. Wurare biyu kawai za ka bincika. Tsayayyar lamba, kamar 7 a cikin y = x² + 7, tana komawa sifili, kuma dalilin da Hausa a bayyane yake: abin da ba ya sauyawa ba shi da saurin sauyi. Na biyu, lambar sama mai alamar ragi. A x⁻² idan aka rage ɗaya −3 ake samu, amma za ka ga masu rubuta −1, domin a ransu ragewa tana nufin matsowa kusa da sifili. Tuna musu da bashi: mai bashin naira 2, aka ƙara karɓar naira 1 a hannunsa, bashinsa ya zama 3.

Yanzu ga tambayoyin da ke sa aji tsit. Abin da ya kamata yaro ya sani shi ne, a cikin layi huɗu ko biyar na Turanci, abin da lissafin ke buƙata bai wuce guda huɗu ba, sauran duk ado ne. Ka sa su rubuta waɗannan tambayoyi da Hausa a gefen takarda kafin su taɓa kowane lissafi: Wane sauri aka ba ni? Wane sauri ake nema? Wace dangantaka ce ta haɗa abubuwan biyu? A wane lokaci ake so? Kuma hanyar amsa ta farkon ba ta bi ta kalmomi, ta ma'auni take bi. Yaro ya zagaye duk lambar da ke cikin tambayar tare da ma'aunin da ke manne da ita. Lambar da ke da cm kaɗai tsawo ce. Mai cm² faɗin fili ce. Mai cm³ yawan abin da ke ciki ce. Duk wadda ke da /s ko s⁻¹ a ƙarshenta sauri ce, wato wani abu ne bisa dt, kuma abin da ke gaban /s ɗin shi zai faɗa maka ko mene ne a sama. Ganin cm/s na nufin dr/dt ko dh/dt, cm²/s na nufin dA/dt, cm³/s na nufin dV/dt. Yaron da bai san kalmar Turancin da ke nufin mazurari ko balan-balan ba, zai iya fitar da wannan duka.

Mu bi guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Mai ya zube a daɓe yana bazuwa a siffar da'ira. Radiyas ɗinsa, wato tazarar daga tsakiya zuwa baki, yana ƙaruwa da 0.5 cm/s. A nemo saurin ƙaruwar faɗin filin da man ya rufe a lokacin da radiyas ya kai 10 cm.

Lambobi biyu ne kacal. 0.5 tana da cm/s, don haka sauri ce, kuma na radiyas ne: dr/dt = 0.5. 10 tana da cm kaɗai, ba sauri ba ce, tana gaya mana lokacin da ake so ne: r = 10. Abin da ake nema saurin faɗin fili ne: dA/dt. Dangantakar A da r kuwa ba a rubuta ta a tambayar ba, yaro ne zai kawo ta daga kansa: A = πr². Wannan wuri ne da ake yi wa Turanci ƙazafi. Yara da dama suna tsayawa cak a nan ba don ba su gane tambayar ba, sai don sun manta dabarun auna da'ira da silinda da mazurari da ƙwallo tun ajin baya. Kafin ka shiga babin nan, ka ware rabin darasi a sake rubuta su.

Matsalar ita ce dangantakar ta haɗa A da r, amma ana neman A da t. Ana buƙatar gada, ita ce dokar sarƙa, kuma yaran sun san ta daga wurin mai injin niƙa. A ce inji na niƙa mudu 3 a minti, ana biyan naira 200 a kan kowane mudu. Nawa ke shigowa a minti? Kowa zai ce 600, kuma ninkawa ya yi ba tare da an ce ya ninka ba. Naira a mudu, sau mudu a minti, ya ba da naira a minti. Mudu shi ne ɗan tsakiyan da ya haɗa kuɗi da lokaci. A tambayarmu r ce ɗan tsakiya:

dA/dt = dA/dr × dr/dt = 2πr × 0.5

Sai yanzu ne ake sa r = 10, a sami 10π, kusan 31.4 cm²/s. Ka sa su tabbatar da hanyar rijiya. Bayan sakan 0.1 radiyas ya zama 10.05, filin ya ƙaru da π sau 1.0025, kusan 3.15, a raba da 0.1, an sami 31.5. Ya yi kusa da 31.4, kuma zai ƙara matsowa idan aka matse lokacin.

Idan ka karɓi littattafai za ka ga amsoshi biyu na kuskure suna maimaituwa, kuma kowacce tana gaya maka inda aka ɓata. Wanda ya sami 314 ko sifili ya sa r = 10 tun da farko. Ya sami A = 100π, tsayayyar lamba, sai ko dai ya miƙa ta a matsayin amsa, ko ya nemo saurinta ya sami sifili. Nan ne Turanci ke da hannu da gaske. 'Yar kalmar da ke nufin "a lokacin da" gajeruwa ce, tana zuwa ƙarshen jimla, yaro ba ya jin nauyinta, sai ya ɗauka radiyas 10 ne tun fil azal. Da Hausa ka jaddada ta: radiyas tafiya yake yi, ya bi ta 8, ya bi ta 9, yanzu yana ratsa 10, mu kuma hoto muke so mu ɗauka a daidai nan. Ka ba su doka gajeruwa, lambar lokaci ita ce ta ƙarshen shiga. Wanda kuma ya sami 62.8 ya tsaya a dA/dr, bai ninka da 0.5 ba. Ka tambaye shi ina sakan yake a cikin amsarsa. Babu, domin bai taɓa wata lamba mai sakan ba, kuma amsar da aka ce sauri ce a kowace sakan ba za ta fito daga lissafin da lokaci bai shiga ba.

Kuskuren 62.8 yana da alaƙa da jimlar nan "with respect to" da ake gajartawa w.r.t. a littattafai. Yaro ya san kalmar tsakiyarta da ma'anar girmamawa, irin wadda ake yi wa manya, sai jimlar ta zama masa shirme ya tsallake ta. Ma'anarta kawai "dangane da", kuma aikinta guda ɗaya ne: harafin da ya biyo bayanta shi ne zai zauna a ƙasa. Gwada su da y = 3at², a nema dangane da t, sannan dangane da a. Na farko 6at, na biyu 3t². Wanda ya ba da amsa iri ɗaya sau biyu bai karanta jimlar ba. Ita ma kalmar "ret" tana da nata tarkon, domin a kasuwa farashin dala ko sefa aka san ta da shi. Amma wannan tarko ne da za a iya juya shi ya zama taimako. Ret ɗin ɗan canji naira kaza ne a kan kowace dala, wato yadda naira ke ƙaruwa idan dala ta ƙaru da ɗaya, kuma wannan shi ne ainihin ma'anar a lissafi. Yana kuma nuna musu cewa ba dole lokaci ne zai zauna a ƙasa ba.

Saura alamar ragi, wadda ma'auni ba zai nuna ta ba. A nan dole a san kalmomin. Ba su da yawa: waɗanda ke nufin raguwa, yoyo, tsiyaya, narkewa, tsukewa, hucewa, a gefe guda, da waɗanda ke nufin ƙaruwa, zubawa a ciki, kumbura, faɗaɗa, a ɗaya gefen. Ka tsinto su daga tsofaffin takardun WAEC da NECO da JAMB da kuke da su a makaranta, ka rubuta a kwali gida biyu, kowace da Hausarta, gida ɗaya da alamar tarawa, ɗayan da alamar ragi, a manna a bango. Wannan ya fi a ce su je su inganta Turancinsu, maganar da ba ta gaya wa yaro abin da zai yi gobe da safe.

Ga inda ragin ke aiki. Mazurari ne mai zurfin 20 cm, radiyas ɗin bakinsa 10 cm, kananzir na tsiyaya daga ƙasansa da 50 cm³/s. Da wane sauri tsayin kananzir ɗin ke sauka lokacin da zurfinsa yake 10 cm? Ma'aunin cm³/s ya ce dV/dt ne, tsiyaya kuma ta ce ragi ne, saboda haka dV/dt = −50. Ana neman dh/dt a h = 10. Wahalar a nan ita ce V = ⅓πr²h tana da haruffa biyu masu sauyawa, domin yayin da kananzir ke sauka, faɗin samansa ma tsukewa yake yi. Yaron da ya sa r = 10 ya ɗauki bakin mazurarin a matsayin saman kananzir ɗin, kuma zane ɗaya zai nuna masa ba haka ba ne. A mazurarin nan radiyas rabin zurfi ne a ko'ina, tunda 10 rabin 20 ne, don haka r = h/2, V ta zama πh³/12, dV/dh kuma πh²/4. A h = 10 wannan 25π ne, kusan 78.5. Tunda dV/dt = dV/dh × dh/dt, sai a raba −50 da 78.5, a sami kusan −0.64 cm/s. Ka sa su sake yi a h = 4. dV/dh ta zama 4π, amsar kuma kusan −3.98 cm/s, fiye da ninki shida na farko, alhali kananzir ɗin da ke fita bai ƙaru ba. Duk wanda ya taɓa ɗura mai a kwalba ya ga haka da idonsa, a sama yana sauka a hankali, da ya kusa ƙarewa sai ya zube fuu. A zahiri tsiyayar ma raguwa take yi idan man ya yi ƙasa, amma tambayar jarrabawa tana ɗaukar ta a tsaye, kuma gara ka faɗa musu hakan da bakinka kafin wani ya kama ka. Wajen rubuta amsa, ko dai a rubuta dh/dt = −0.64 cm/s, ko a ce tsayin yana raguwa da 0.64 cm/s. Haɗa kalmar raguwa da alamar ragi a jimla ɗaya maimaita abu ne sau biyu, har mai tsananin bin ƙa'ida zai ce ƙaruwa aka faɗa.

Game da tsoronka na cutar da su, wurin da cutar take shi ne ka zama tafinta na dindindin, kullum kai ke karanta Turancin ka juya musu, su kuma su jira. Ranar jarrabawa ba ka cikin zauren. Haka nan ƙirƙiro wa kowace kalmar fanni sabuwar Hausa ba ya taimako, domin sai yaro ya haddace suna biyu, ɗaya daga ciki kuma ba zai taɓa ganinsa a takarda ba. Sunayen fanni su zauna yadda suke a littafi, bayaninsu ne zai zo da Hausa. Tun ranar farko tambaya ta hau allo da Turancinta yadda za ta zo, kada a taɓa rubuta ta da Hausa kaɗai. A makon farko kai za ka karanta ka fassara, suna kallon layin da kake kai. A na biyu ka daina fassarawa, yaro ya tashi ya faɗi da Hausa abin da aka ba shi da abin da ake nema, ko da bai iya fassara sauran jimlar ba. A na uku magana ta ragu, kowa ya cike layukan nan huɗu da alamomi shi kaɗai. Ka kuma riƙa juya aikin: ka rubuta dV/dt = −3 cm³/s, ka ce wani ya ƙirƙiro labarin da ya dace da Hausa. Wanda ya ce "jarka ce ta huje tana yoyo" ya fahimta. Wanda ya ce "ruwan da ke ciki 3 ne" yana nan inda aka fara, a tsakanin yawa da sauri, sai a mayar da shi rijiya.

Wajen duba aikin aji, ka raba makin gida biyu, rabi na fitar da layuka huɗun daidai, rabi na lissafin da ya biyo baya. Bayan tambayoyi biyar ko shida za ka ga ajin ya rabu a takardar makinka. Masu faɗuwa a rabin farko su ne za ka zaunar a gaban kwalin bango da tsofaffin tambayoyi, su yi ta fitar da layukan kawai, guda goma a zama ɗaya, ba tare da sun warware ko ɗaya ba. Masu faɗuwa a rabi na biyu kuwa Turancinsu ya isa, buɗe baka irin ta (t + h)² da dabarun auna siffofi ne za ka koma da su.